Lissafin Jiya a Allon Yau: Yadda Ake Sabunta Rahoton Kamfani Bi da Bi

A kamfanoni da ma'aikatu da yawa yanzu, abin da shugaba yake fara dubawa da safe shi ne allon rahoto a kwamfuta ko a waya: cinikin jiya nawa ne, na wata ya kai ina, wane reshe ne ke gaba, wane ne ke jan ƙafa. Allon yana buɗewa cikin ƙiftawar ido, kuma saboda haka mutane suna ɗauka cewa a daidai lokacin da suka danna ne kwamfuta ta yi lissafin. Sau da yawa ba haka ba ne. An riga an yi lissafin tun cikin dare, an ajiye amsar, ita ce ake miƙo wa mai dubawa. Wannan dabara ce mai kyau, amma tana da sharaɗi guda da ake yawan sakaci da shi. Idan ajiyayyun amsoshin nan sun dogara da juna, dole a sabunta su bi da bi, tushe kafin reshe. In aka saɓa, allon zai nuna lambobi tsaf-tsaf, babu jan rubutu, babu gargaɗi, alhali lissafin ya gurɓace.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wani kamfanin dillancin kayan masarufi ne mai rassa uku, a Kano da Kaduna da Zariya. Duk rasit ɗin da aka yanka yana shiga rumbun bayanai na kamfanin a matsayin layi ɗaya cikin wani tebur mai suna `ciniki`, da ranarsa da shagonsa da kuɗinsa. Bayan 'yan shekaru layukan sun kai miliyoyi. Rumbun da suke amfani da shi PostgreSQL ne, wanda kyauta ake samunsa kuma ya yaɗu a duniya. Duk lokacin da manaja ya nemi jimillar wata, sai rumbun ya bi layukan nan yana tarawa. Mutum ɗaya zai iya jira. Amma idan mutum ashirin suka buɗe allon da ƙarfe takwas na safe, kowa ya sa rumbun ya maimaita wannan aiki daga farko, sai masu yanka rasit a shago su ma su fara jin na'ura ta yi nauyi, domin rumbu ɗaya ne ke yi wa kowa hidima.

Rumbun yana da abubuwa biyu masu kama da juna a suna, amma halinsu ya bambanta. Na farko shi ne `VIEW`. Wannan tambaya ce kawai da aka raɗa wa suna aka adana. Ba ta riƙe amsa. Duk wanda ya kira ta, sai an sake lissafi. Kullum amsarta sabuwa ce, kullum kuma sai an biya farashinta na lokaci. Na biyu shi ne `MATERIALIZED VIEW`, wanda ke adana tambayar tare da amsarta a rubuce, kamar tebur. PostgreSQL ya samu wannan ne a siga ta 9.3, a shekarar 2013. Ga yadda kamfaninmu zai gina ajiyayyiyar amsarsa ta farko:

```sql
CREATE MATERIALIZED VIEW cinikin_rana AS
SELECT rana, shago, sum(kudi) AS jimilla
FROM ciniki
GROUP BY rana, shago;
```

Abin da wannan ya yi shi ne ya taƙaita miliyoyin rasitai zuwa layi ɗaya ga kowane shago a kowace rana. Shaguna uku, kwana 365, layi 1,095 ke nan a shekara in ana buɗewa kullum. Karanta layi dubu ɗaya da 'yan kai ba aiki ba ne ga kwamfuta, shi ya sa allon ke buɗewa nan take.

Sai dai daga lokacin da aka rubuta amsar nan, ta tsaya cak. Ko an sayar da tirela goma ta shinkafa bayan minti ɗaya, `cinikin_rana` ba ta sani ba. PostgreSQL ba ya sabunta ta da kansa. Sai an ba shi umarni, `REFRESH MATERIALIZED VIEW cinikin_rana;`, sannan ya sake gudanar da tambayar gaba ɗayanta ya maye tsohuwar amsa da sabuwa. Galibi ana ɗora wannan umarni a kan agogon na'ura, ta manhajar cron ko ƙarin da ake kira pg_cron, ya riƙa tashi cikin dare lokacin da shaguna ke rufe.

Da a ce amsa ɗaya ce, da magana ta ƙare a nan. Amma allon rahoto ba ya tsayawa a lamba ɗaya. Manaja yana son jimillar kowane shago a wata, sai a gina `watan_shago`. Mai hankali ba zai koma kan miliyoyin rasitai ba tunda ga taƙaitaccen lissafi a hannu, don haka sai ya ɗora ta a kan `cinikin_rana`. Ana son jimillar kamfani baki ɗaya a wata, sai a gina `watan_kamfani`, ita ma a kan `cinikin_rana`. Sannan ana son sanin kason kowane shago cikin ɗari, sai a gina `kason_shago`, wadda ke ɗauko lamba daga `watan_shago` ta raba da lambar `watan_kamfani`. Yanzu muna da hawa uku: ɗaya a ƙasa, biyu a tsakiya, ɗaya a sama wadda ke tsaye a kan biyun tsakiya.

Abin ya yi kama da ofishin akawu na zamanin takarda. Akawu na farko yana tara rasitai ya fitar da takardar rana, na biyu yana kwafa daga takardarsa ya fitar da ta wata, na uku ya lissafa kaso daga aikin na biyu. Idan na biyu ya zo da wuri ya ɗauki takardar jiya da ke kan tebur, zai yi aikinsa daidai, ba kuskuren tarawa ko ɗaya, amma a kan tsohon abu. PostgreSQL ma haka yake. Sabunta `cinikin_rana` ba ya taɓa na samanta, kuma sabunta `kason_shago` ba ya tayar da na ƙarƙashinta. Kowace tana karanta abin da ta tarar a ajiye a lokacin da aka kira ta, ba ta tambayar ko na yaushe ne.

Hanya ta farko da abin ke lalacewa mai sauƙin fahimta ce. Wani ma'aikaci ya ga amsoshin sun fara yawa, sai ya rubuta ɗan shiri da zai ɗauko sunayensu daga `pg_matviews`, inda rumbun ke lissafa su, ya jera su bisa haruffa, ya sabunta ɗaya bayan ɗaya. Jerin haruffa zai ba da `cinikin_rana`, sai `kason_shago`, sai `watan_kamfani`, sai `watan_shago`. Ka ga ta sama ta shigo ta biyu, kafin ƙafafun da take tsaye a kansu. Sakamakon shi ne kullum kason shaguna yana baya da kwana ɗaya. Irin wannan kan daɗe ba a gano shi ba, domin kaso ba ya canzawa sosai daga yau zuwa gobe, kuma idan ka tara shi yana cika ɗari cif. Ranar da yake fitowa fili ita ce safiyar biyu ga wata, lokacin da jimillar sabon wata ta bayyana a allo amma gurbin kasonsa babu komai.

Hanya ta biyu ta fi haɗari, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. A nan ma'aikacin ya san akwai tsari, sai ya bayyana tsarin da agogo. Ya sa `cinikin_rana` ƙarfe 2:00 na dare, `watan_shago` 2:10, `watan_kamfani` 2:20, `kason_shago` 2:30. A lokacin da ya tsara haka, ta farko minti huɗu take ɗauka, don haka tazarar minti goma ta wadatar har da saura. Amma ciniki yana ƙaruwa, rasitai suna taruwa, kuma kowace sabuntawa daga rasit na farko a tarihin kamfani take somawa. Wata rana aikin ya kai minti goma sha biyar.

Mu sa lambobi mu gani. A ce zuwa ƙarshen ranar 9 ga wata, Kano ta yi cinikin naira miliyan 45, Kaduna miliyan 27, Zariya miliyan 18, jimilla miliyan 90. A ranar 10 aka ƙara miliyan 10: Kano 3, Kaduna 3, Zariya 4. Lissafin gaskiya yanzu shi ne 48 da 30 da 22, jimilla 100, kuma kason kowa cikin ɗari daidai yake da lambarsa. To a daren nan `cinikin_rana` ta fara 2:00 ba ta gama ba sai 2:15. Da 2:10 `watan_shago` ta tashi, ta tarar da tsohuwar amsa, ta rubuta 45 da 27 da 18. Da 2:20 `watan_kamfani` ta tashi, ta tarar da sabuwa, ta rubuta 100. Da 2:30 `kason_shago` ta raba tsoho da sabo, ta fitar da kashi 45, kashi 27, kashi 18.

Waɗannan lambobi ba na ranar 9 ba ne, domin a ranar kason ya kasance 50 da 30 da 20. Ba kuma na ranar 10 ba ne. Lambobi ne da ba su taɓa zama gaskiya ba a kowace rana. Reshen Zariya, wanda ya fi kowa ciniki a ranar kuma kasonsa ya tashi daga 20 zuwa 22, shi ne allon zai nuna ya faɗo zuwa 18. A kan irin wannan lamba ake kiran manajan reshe a waya a nemi bayani, a kanta ake rage masa kaya ko a hana ma'aikatansa alawus. A ganina wannan ya fi allon da ya ƙi buɗewa muni nesa ba kusa ba, domin wanda ya ƙi buɗewa kowa ya san akwai matsala. Kuma duk umarnin nan huɗu sun kammala lafiya. Idan aka duba rajistar na'ura ba za a ga kuskure ba.

Akwai wani abu a nan da ko ƙwararru kan yi tuntuɓe da shi. Sabuntawa iri biyu ce a PostgreSQL. Ta asali tana kulle amsar gaba ɗaya har ta gama, babu mai karantawa, duk wanda ya buɗe allo a lokacin sai ya zauna jira. A siga ta 9.4, a 2014, aka kawo ta biyu, wadda ake ƙara wa kalmar `CONCURRENTLY`. Ita tana lissafa sabuwar amsa a gefe, ta gwada da tsohuwa, ta gyara layukan da suka bambanta kawai, masu karatu kuma suna ci gaba da ganin tsohuwar har a gama. Tana buƙatar a yi wa amsar fihirisar da ke tabbatar da cewa kowane layi daban yake da ɗan'uwansa, kamar haka:

```sql
CREATE UNIQUE INDEX ON cinikin_rana (rana, shago);
```

Wannan ci gaba ne ga masu duba allo. Amma ka lura da abin da ya faru da tsarin agogonmu. Muddin ana amfani da ta asali, `watan_shago` da ta zo 2:10 za ta iske ƙofa a kulle, ta jira zuwa 2:15, ta karanta sabon lissafi. Kullen ne ke rufa wa tsarin asiri ba tare da kowa ya sani ba. Ranar da aka koma `CONCURRENTLY` don jin daɗin masu amfani, ƙofar ta zama a buɗe, sai `watan_shago` ta shige ta ɗauki na jiya. Gyara mai kyau ne ya tono ramin da ke nan tun farko.

Maganin shi ne a daina dogaro da agogo wajen tsari. Agogo ya tayar da aikin sau ɗaya, daga nan kowane mataki ya jira wanda ya gabace shi ya ƙare. A ƙaramin gini irin namu, rubuta umarnin a jere cikin ƙulli ɗaya ya isa:

```sql
BEGIN;
REFRESH MATERIALIZED VIEW CONCURRENTLY cinikin_rana;
REFRESH MATERIALIZED VIEW CONCURRENTLY watan_shago;
REFRESH MATERIALIZED VIEW CONCURRENTLY watan_kamfani;
REFRESH MATERIALIZED VIEW CONCURRENTLY kason_shago;
COMMIT;
```

Abin da ke tsakanin `BEGIN` da `COMMIT` rumbun yana ɗaukarsa aiki guda ne: ko ya tabbata duka, ko a fasa duka. A ciki, kowane layi yana ganin abin da na gabansa ya rubuta. A waje, masu duba allo suna ganin lissafin jiya cikakke har zuwa `COMMIT`, sannan amsoshi huɗun su juya tare. Idan layi na uku ya gaza, na farko da na biyu ma an janye su, allon ya kwana a kan jiya, tsoho amma bakinsa ɗaya. Biyun tsakiya ba ruwansu da juna, duk wadda aka fara daidai ne. Abin kiyayewa shi ne kada a yi wannan ƙulli da sabuntawa ta asali da rana tsaka, domin kullen da aka ɗauka a layin farko ba ya sakuwa sai a `COMMIT`, allon zai daskare tsawon aikin baki ɗaya.

Amsa huɗu mutum zai iya jera su da ka. Idan suka kai arba'in, kuma mutane daban-daban suka gina su cikin shekaru, ba wanda ke riƙe da taswirar a ƙwaƙwalwarsa. Abin farin ciki, rumbun yana riƙe da ita. Duk lokacin da aka gina amsa a kan wata, PostgreSQL yana rubuta dangantakar a `pg_depend`, kuma idan aka haɗa shi da `pg_rewrite` za a fitar da jerin wa ke tsaye a kan wa. Daga jerin, hanyar fitar da tsari ba ta da wuya. A fara da waɗanda ba sa jiran kowa, a cire su, sai wasu su zama ba sa jiran kowa, a cire su, a ci gaba har jerin ya ƙare. Masana lissafin kwamfuta sun daɗe da wannan hanya; Arthur Kahn ya wallafa ta tun 1962, kuma irin wannan jerantawa ce manhajoji kamar dbt da Airflow ke yi idan an ba su ayyuka masu dogaro da juna. Wuri biyu ne taswirar ke iya yaudarar mutum. Idan akwai `VIEW` ta yau da kullum a tsakani, dole a bi ta cikinta har a kai ga abin da take karantawa. Idan kuma tambayar tana kiran wani ɗan shiri da aka ajiye jikinsa a matsayin rubutu zalla, shi kuma yana leƙa wata amsa, rumbun ba ya ganin wannan igiyar, sai mutum ya ƙara ta da hannu.

Wannan taswira tana da wata fuska da ake gamuwa da ita ranar gyara. Ba a iya sauya tambayar da ke cikin ajiyayyiyar amsa a inda take, sai an rushe an sake ginawa. Wanda ya nemi rushe `cinikin_rana` rumbun zai ƙi, ya ce `other objects depend on it`. Idan ya ƙara kalmar `CASCADE`, umarnin zai wuce, amma zai tafi da duk ukun da ke samanta da fihirisarsu da izinin da aka bai wa masu karanta su. Shi ya sa ya kamata rubutun ginin kowace amsa ya kasance a ajiye a fayil, a jere bisa tsarin dogaro, tun kafin a taɓa komai.

To yaya mai duba allo, wanda ba ruwansa da umarni, zai gane ko abin da yake gani sahihi ne? PostgreSQL ba ya adana lokacin da aka sabunta amsa, don haka masu gini kan buɗe ɗan tebur suna rubuta suna da lokaci bayan kowace sabuntawa. Yana da amfani, amma bai isa ba. A daren misalinmu, rajistar za ta ce an sabunta `kason_shago` 2:30, kuma gaskiya ne, alhali rabin abin da ke cikinta na shekaranjiya ne. Lokacin da aka yi aiki daban, shekarun kayan aikin daban. Abin da ya fi shi ne a riƙa rubuta ranar ciniki ta ƙarshe da ta shiga kowace amsa, ta sama kuma ta ɗauki mafi tsufa cikin na ƙafafunta, a buga shi a saman allo da manyan baƙi: lissafi zuwa ranar kaza. A ajiye wannan a teburin rajista, ba a cikin kowane layin amsa ba. Idan aka cusa lokacin da ke canzawa kullum a kowane layi, `CONCURRENTLY` zai ga duk layukan sun bambanta, ya sake rubuta su kaf, ribar gyara kaɗan ta tafi.

Sai kuma gwaji biyu ko uku da na'ura za ta yi da kanta kafin `COMMIT`. Jimillar shaguna a `watan_shago` ta yi daidai da lambar `watan_kamfani`? Kason shaguna ya cika ɗari? A misalinmu 45 da 27 da 18 sun ba da 90, ramin kashi goma da ko ɗan firamare zai gani idan an sa shi ya tara. Gwajin da ya faɗi ya soke aikin, ya tura saƙo ga wanda ke da alhaki. Saƙon nan wajibi ne, domin tsarin da ke janye komai idan an samu matsala zai iya barin allo a kan lissafin Litinin har Alhamis idan ba a gaya wa kowa ba.

Dabarar tana da iyaka, kuma misalinmu ya riga ya nuna ta: minti huɗu ya zama sha biyar, zai kuma zama awa. A PostgreSQL, ko da `CONCURRENTLY`, ana sake lissafa tambayar ne daga tushe; rubutawa ce kawai ake taƙaitawa. Oracle yana da tsarin da ke riƙe rajistar canje-canje ya sabunta abin da ya motsa kaɗai, kuma akwai ƙarin pg_ivm da ke kawo makamancin haka ga PostgreSQL a wasu nau'o'in tambaya. Amma abin da kamfanoni da dama ke yi idan hawan ƙasa ya yi nauyi shi ne su mayar da shi tebur na yau da kullum, kowane dare su goge 'yan kwanakin baya-bayan nan su sake tara su kaɗai, su bar na sama a matsayin ajiyayyun amsoshi tunda su ƙanana ne. Tsarin bi da bi bai canza ba, tebur ɗin ne ke fara cika sannan sauran su biyo.

Tambayar da ke biyo baya ita ce kwana nawa za a riƙa komawa, kuma amsarta tana wurin masu shago, ba wurin masu kwamfuta ba. Idan intanet ta yanke a wani reshe, rasitansa na iya isowa bayan kwana uku ɗauke da tsohuwar rana. Idan abokin ciniki ya dawo da kaya bayan mako biyu, ana iya gyara lissafin ranar da ya saya. Wanda ya zaɓi komawa kwana bakwai zai kama na farko, na biyu ya kuɓuce masa, tebur ɗin ya fara rabuwa da gaskiyar rasitai sannu a hankali. Don haka ake haɗa gajeren aikin kowane dare da cikakken sake lissafi sau ɗaya a mako ko a wata, a daren da ciniki ya fi sauƙi, a gwada jimillar biyun, a binciki duk ranar da suka saɓa.